Sitaj ba hajar kasuwa ba ce

Kowace shekara jami'ar Tawa da sauran makarantun ƙasa suna yaye matasa da takardun shaida a hannu, amma duk ma'aikatar da suka tunkara sai ta tambaye su inda suka taɓa aiki. Shi ya sa zaman koyon aiki, wanda ƴan boko ke kira sitaj, ya zama ƙofar da kowa ke cincirindo a bakinta. Inda jama'a suka yi cincirindo kuwa, nan ɗan damfara yake kafa rumfa. A Sabon Gida da sauran garuruwan Madawa, Buza da Keita, wanda ake wa sane a wannan harka ba yaron ba ne kawai: mahaifinsa ne da ya sayar da albasa, ko kawunsa ma'aikaci da ya ci bashi a kan albashi.

Ƙa'ida ɗaya ta isa ta raba gaskiya da ƙarya. Mai neman sitaj ba ya biyan wanda zai ɗauke shi. Ko dai ma'aikata ta ba shi ɗan alawus, ko ta ce ba ta da abin ba shi, amma kuɗi ba sa fita daga aljihunsa su shiga nata. Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumominta sun sha sanarwa cewa ba sa karɓar ko dala a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata, daga ajiye takardu har zuwa horo.

Ga misalin yadda tarkon ke aiki. Wani matashi a Sabon Gida ya samu saƙo ta WhatsApp: wata ƙungiyar agaji za ta ɗauki ƴan sitaj a Madawa, alawus jika 150 a wata, a aika takardu kafin kwana biyu. Washegari aka ce an zaɓe shi, ba jarrabawa, ba ganawa da kowa, sai dai ya tura jika 5 na rajista. Bayan kwana uku aka nemi jika 15 na binciken likita, daga nan jika 25 na inshora da katin shiga, daga ƙarshe jika 20 na riƙe masa gurbi a horon da za a yi a Yamai. Jimla jika 65, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata, wanda aka kai jika 42 a shekarar 2024. Ranar da ya tambayi inda ofishin yake, lambar ta daina shiga.

Da gangan ɗan damfara yake farawa da kuɗi kaɗan. Jika 5 ba za ta sa uba ya tashi yin bincike ba, kuma wanda ya riga ya biya sau biyu yana biya na uku don kada na baya su salwanta. Shi kuwa mai tarkon bai ma buƙatar kowa ya kai ƙarshe: idan mutum 200 suka biya kuɗin rajista kaɗai, ya tara miliyan ɗaya daga saƙo guda.

Wani zai ce ai neman aiki bai taɓa zama kyauta ba. Gaskiya ne, kuma a nan ake rikita mutane. Haɗa dosiye yana cin kuɗi: takardar shaidar ɗan ƙasa da takardar rashin laifi a kotu ake karɓar su, tabbatar da kwafin takardu yana buƙatar tambur, wasu jarrabawoyin shiga aikin gwamnati kuma suna da kuɗin ajiye takardu da aka bayyana a sanarwar hukuma. Amma duk waɗannan ana biyan su ne a wurin da aka sani, a kan farashin da aka sani, a karɓi tambur ko takardar shaidar biya. Haka makarantar horo da ke karɓar kuɗin karatu, ta faɗa tun farko cewa karatu take sayarwa. Kuɗin da aka ce a tura ta Nita, Amana ko Airtel Money da sunan wani mutum, ba kuɗin hukuma ba ne, kowane irin suna aka laƙaba masa.

Hatimi da tambari a kan takarda ba hujja ba ne, domin duk mai kwamfuta yana iya kwafe su cikin minti biyar. Adireshin imel ya fi su faɗin gaskiya, kuma abin dubawa shi ne abin da ya biyo bayan alamar @. Wasiƙun UNICEF suna ƙarewa da unicef.org, na Hukumar Abinci ta Duniya da wfp.org. Idan sunan ƙungiya yana gaban alamar, bayanta kuma gmail.com ne, to kowa ma yana iya buɗe irin wannan adireshi kyauta.

Sai dai gwajin da ya fi kowanne shi ne a tabbatar da labarin ta hanyar da ba mai saƙon ne ya bayar da ita ba. Kiran lambar da ke jikin sanarwa daidai yake da tambayar ɓarawo ko shi ɓarawo ne. Ƙungiyar da ke aiki a Madawa tana da gida, da mai gadi, da motoci, kuma hukumomin gari sun san da zamanta. Kuɗin mota daga Sabon Gida zuwa Madawa bai kai abin da ake shirin turawa ba. Idan kamfani ne, a nemi lambarsa ta rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF, abin da kowane ɗan kasuwa ya san darajarsa. Hukumar samar da aikin yi ta ANPE, wadda aka kafa a 1996, tana da reshe a Tawa, kuma tambaya a can ta fi tambaya a majalisar shayi. Sitaj na gaskiya yana da yarjejeniya a rubuce da ke faɗin wurin aiki, tsawon lokaci, sunan mai kula da ɗalibi da alawus idan akwai. Ma'aikatar gaskiya ba ta jin haushin wanda ya zo ya tambaya, ba ta kuma cewa a ɓoye zancen.

Wanda ya riga ya faɗa tarko, abu na farko shi ne ya daina biya, ko da an ce saura mataki ɗaya. Ya adana saƙonni, lambobin waya da takardun tura kuɗi, domin suna ɗauke da sunan da aka karɓi kuɗin da shi, ya kai su wurin jandarmomi ko ƴan sanda. Damfara laifi ce a dokar ƙasa, kuma tun 2019 Nijar tana da doka a kan laifukan da ake aikatawa ta na'urorin sadarwa. Dawowar kuɗin ba tabbas ba ce, amma shiru saboda kunya shi ke barin lambar nan ta ci gaba da cin maƙwabta.

Akwai kuma laifin da ba na ɗan damfara ba. Abin da ya sa uba ke yarda cewa ana sayen gurbi shi ne ya daɗe yana ganin ba a samun gurbi sai da sanayya ko da ɗan abin goro. Duk shugaban ma'aikatar da ke raba sitaj a asirce ga ƴaƴan abokai, shi ne ya share wa macuci fage. Maganin ba ya buƙatar kasafi: kowace ma'aikata da kowace ƙungiya a Madawa, Buza da Keita ta liƙa a ƙofarta yawan guraben da take da su, sharuɗɗansu da sunayen waɗanda aka ɗauka, ta rubuta a ƙasa cewa ba a biyan ko dala, gidajen rediyon karkara kuma su karanta da Hausa. Kafin a kai ga haka, uban da ɗansa ya zo masa da lambar tura kuɗi ya riƙe kuɗinsa, ya ce a fara nuna masa ƙofar ofishin.