Ango, ka biya bashin lefe kafin ka kama otal a Yamai

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo Filinge, kuma ta ishe ni. Yaro bai gama biyan bashin lefe ba, sai ka ji ya saida ragon gida ya kwashi amarya sun yi Yamai cin amarci a otal, don kawai a ɗauki hoto a saka a waya. Su kwana biyu, su dawo gida babu ko tiyar gero. Alƙur'ani ya riga ya faɗa mana 'yan'uwan wa almubazzarai suke.

Ai addini ya ba mu hutun amarci tun tuni: kwana bakwai ga budurwa, uku ga bazawara, ba sai an biya ko dala ba. To wa ke cinye kwanakin nan? Abokan ango! Fada gaba ɗaya ta tashi ta tare a ƙofar gidan sabon aure. Tun hantsi an ɗora shayi, na farko, na biyu, na uku, a sake sabon zubi. Amaryar da ta sha gajiyar biki ita ce kuma a gindin murhu tana dafa wa ƙarti goma, lallen hannunta bai ko dushe ba. Su cinye kajin, su taɓa gara, su nemi cajin waya a ɗakinta, sha biyun dare ana ta karta. Wai zumunci. Ban da 'yan anko da mai kiɗan da suka riga suka tatse aljihun, waɗannan kam sai wata rana.

Mai jika hamsin a hannu, ga shawarata. Ya ware ashirin ya ɓoye, na cefanen watan farko ne, kada a taɓa. Goma a ba wata gwaggo ta riƙa aiko da abinci kwana bakwai ɗin, amarya ta huta, a kuma gaya wa fada ziyara sai bayan la'asar. Biyar na nama, turare da cukun Tukunus, wanda mutanen Yamai ke nema mu kuwa yana bayan gidanmu.

Sauran sha biyar su ne na fita, idan an matsa. Yamai wajen kilomita 180 ce ta hanyar Balleyara. A tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, a tashi da safe, kada a yarda dare ya riske su, mun san halin da yankin Tilaberi yake ciki. A sauka gidan ɗan'uwa mai ɗakin baƙi, a kai ta gidan tarihi na Boubou Hama ta ga namun daji, da yamma a je bakin kogi wajen gadar Kennedy a ci soyayyen kifi. In so samu ne a bari sai bayan kaka, sanyi ya shigo, rumbu da hatsi. Wanda ya ja amarya yawo cikin zafin Afrilu, da kuɗin asibiti zai ƙare.