Kobo Nawa Ke Saura Cikin Naira Guda? Darasi Daga Littattafan Kamfanin Nestle

Duk ƙarshen shekarar kasuwanci kamfanonin da ke Kasuwar Hannayen Jari ta Legas sukan fitar da bayanin kuɗinsu, jaridu kuma su ɗauki adadi biyu su buga da manyan baƙaƙe: yawan ciniki da yawan riba. In duka biyun sun fi na bara, sai a taru a babban taron shekara a tafa wa shugabannin kamfani. A ƙasar da darajar kuɗinta ke zaizayewa kowace shekara, wannan irin karatu yaudarar kai ne. Akwai dabaru biyu masu sauƙi da ke tone abin da manyan adadai ke rufewa, kuma ba sa bukatar kome sai bayanan kuɗi na shekaru huɗu ko biyar da na'urar lissafi.

Dabara ta farko ita ce mayar da kowane layi na bayanin riba da hasara zuwa kaso cikin ɗari na cinikin wannan shekarar. A ɗauki ciniki a matsayin 100, a raba kowane kashin kuɗi da jimlar ciniki. Abin da zai fito shi ne amsar tambayar da kowane ɗan kasuwa ya sani: cikin kowace Naira da ta shigo, kobo nawa ya tafi kayan aiki, kobo nawa ya tafi albashi da talla, kobo nawa masu bin bashi suka karɓe, kobo nawa ya saura. Dabara ta biyu kuwa tana bin layi guda ne shekara bayan shekara. A zaɓi shekarar tushe a ba ta 100, a auna sauran shekaru da ita. Wancan yana nuna yadda aka raba Naira a cikin shekara, wannan yana nuna inda kamfani ya dosa.

Kamfanin Nestle na Nijeriya, mai yin Maggi da Milo, misali ne da ya dace, domin babu kantin kayan masarufi da ba ya riƙe da hajarsa, kuma bayanansa a fili suke. A shekarar 2019 ya yi ciniki na kimanin Naira miliyan dubu 284, ya ci ribar kusan miliyan dubu 46 bayan haraji. A 2022 ciniki ya kai kimanin miliyan dubu 447, riba kuma kusan miliyan dubu 49. Wanda ya tsaya nan zai ce alhamdulillahi, ciniki ya hau, riba ma ta hau.

To, a raba riba da ciniki a gani. A 2019 kobo 16 ke saura wa masu hannun jari cikin kowace Naira. A 2020 ya sauko ƙasa da kobo 14, a 2021 ya koma kobo 11 da 'yan kai, a 2022 ya tsaya a kobo 11. Ke nan cikin shekaru uku kusan kashi ɗaya bisa uku na rabon masu jari ya salwanta, alhali adadin ribar a Naira bai nuna wani abin tashin hankali ba. Dalilin kuma yana nan a layi na biyu na bayanin. Kuɗin da aka kashe wajen samar da hajar da aka sayar ya tashi daga kimanin kobo 55 a 2019 zuwa kimanin kobo 65 a 2022. Kayan aiki sun yi tsada fiye da yadda kamfani ya iya ɗora wa masu saye. Kobo goma a bakin masana'anta ba ƙaramin abu ba ne, kuma da kamfanin bai tsuke bakin aljihu a wasu wurare ba, da faɗuwar ta fi haka.

Dabara ta biyu ta fi wannan ban mamaki. In aka ba cinikin 2019 lamba 100, na 2020 zai zama 101, na 2021 ya zama 124, na 2022 ya zama 157, na 2023 kuma, wanda ya kai kimanin miliyan dubu 547, ya zama 193. A ido, ciniki ya kusan ninkawa cikin shekaru huɗu. Amma jerin nan ba shi da ma'ana sai an ajiye wani a gefensa, wato na farashin kaya. Bisa alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, matsakaicin hauhawar farashi ya kai kimanin kashi 13 cikin ɗari a 2020, kashi 17 a 2021, kusan kashi 19 a 2022, sannan kusan kashi 25 a 2023. In aka tara su bisa juna daga 100, za a sami kimanin 113, 132, 157 da 196. Ciniki 193, farashi 196. Abin nufi, in an cire hauhawar farashi, kamfanin yana nan inda yake a 2019, bai gusa ba. Lallai ma'aunin hukumar na dukkan kayan masarufi ne da haya da sufuri, ba na dunƙulen miya kaɗai ba, saboda haka kwatance ne na kusa. Duk da haka ya isa ya hana mutum kiran wannan bunƙasa.

Sai shekarar 2023, wadda a cikinta kamfanin ya bayyana hasarar kimanin Naira miliyan dubu 79. Nan ne dabarar kaso ta fi amfani, domin ta ba da labarin da ya saɓa wa kanun jaridu. Mai jin kalmar hasara zai zaci kasuwa ce ta mutu ko masana'anta ta lalace. Ba haka ba ne. Kuɗin samar da haja ya sauko zuwa kimanin kobo 60, ribar gudanar da aiki kuma, wato abin da ya saura kafin a biya masu bin bashi da haraji, ta tashi daga kusan kobo 20 a 2022 zuwa fiye da kobo 22. Masana'anta ta ma fi bara lafiya. Ɓarnar tana layin da ke ƙasa da wannan, na ɗawainiyar bashi, wanda bai kai kobo 4 ba a 2022 amma ya haura kobo 40 a 2023. A cire kobo 41 daga kobo 22, an shiga rami da kobo 19. Rangwamen haraji da aka rubuta saboda hasarar ne ya rage shi zuwa kobo 14 da rabi.

Abin da ya jawo haka sananne ne. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji, ya bar Naira ta nemi farashinta. Dalar da ke kusan Naira 460 a farkon shekara ta kai kusan Naira 900 a ƙarshenta. Kamfanin na ɗauke da bashin Dala mai yawa, akasari daga uwar kamfani da ke waje. Ƙa'idar akanta ta ce a ƙarshen shekara a sake ƙimanta irin wannan bashi da sabon farashin canji, bambancin kuma a rubuta shi a matsayin hasara. Bashin Dala miliyan ɗaya da ke littafi a kan Naira miliyan 460 ya wayi gari yana miliyan 900, ba tare da an ranto ko sisi ba. Hasarar ta cinye jarin masu hannun jari har ya koma ƙasa da sifiri.

Shin ana iya hango wannan tun da wuri? Ba daga bayanin riba da hasara ba, kuma nan ne masu nazari da yawa ke yin sakaci. Ana yi wa bayanin kadarori da basussuka irin wannan lissafi, sai dai a nan jimlar kadarori ce ake ɗauka a matsayin 100. Wanda ya yi haka ga shekarun 2019 zuwa 2022 zai ga kason rance yana hawa shekara bayan shekara, kason jarin masu kamfani yana raguwa, domin kusan duk ribar ana rabar da ita. Amma kason ba zai gaya masa da wane kuɗi aka ci bashin ba. Wannan yana can cikin ƙarin bayanan da ke bayan rahoto, a sashen haɗarin canjin kuɗi, shafukan da ba kasafai ake buɗewa ba. Lissafin kaso aikinsa nuna wa mutum shafin da zai karanta, ba ya karanta masa.

Akwai kuma wani tarko da ke jiran mai jera shekaru. Jerin yana aiki ne muddin ma'aunin bai sauya ba. A 2024 kamfanin ya sake ƙimanta filayensa da gine-ginensa da injinansa bisa farashin yau, maimakon farashin da aka saye su. Kadarori suka kumbura a littafi, kason bashi ya yi kamar ya sassauta, alhali ba don an biya ba ne. Duk wanda ya ɗora 2024 a kan 2023 bai lura da wannan ba, mudu biyu ya gwada da sunan ɗaya. Haka nan wanda ya koma baya har ya ƙetare 2012, shekarar da kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari suka koma ƙa'idojin akanta na duniya. Ita ma hukumar ƙididdiga ta sabunta ma'auninta na farashi a farkon 2025, saboda haka alkalumanta na bayan nan ba sa haɗuwa kai tsaye da na baya.

Zaɓen shekarar tushe ma hanya ce ta ruɗar mutane. Da za a ɗauki 2020, shekarar kullen annoba, a matsayin 100, da bunƙasar ta fi kyau a ido. Shugabannin kamfanoni sun san wannan sarai, shi ya sa ya kamata mai jari ya lura da shekarar da jadawalin rahoto ya fara. Layin riba kuwa, da zarar ya faɗa hasara, ba ya aunuwa da wannan dabara. Babu ma'ana a ce hasara ta kai kaso kaza na ribar tushe. A nan sai a koma ga kobo cikin Naira.

Adalci ya sa a faɗi abin da ya biyo baya. A 2024 ciniki ya kai kimanin miliyan dubu 959, wato lamba 338 bisa tushen 2019, yayin da jerin farashi ya tsaya wajen 260. A karon farko ciniki ya tsere wa hauhawar farashi da tazara mai yawa, ko da yake ƙarin farashin haja na da babban hannu a ciki. Duk da haka hasara ta kai kimanin miliyan dubu 165, kobo 17 cikin Naira, saboda Dala ta haura Naira 1,500. Da Naira ta ɗan natsu a 2025, kamfanin ya koma cin riba, kamar yadda layin ribar gudanar da aiki ya yi ta nunawa tun 2023.

Dillalin da ke sarin katan-katan na wannan haja a Agege ko Kasuwar Singa yana iya yi wa littafinsa wannan aiki cikin yini guda. Ya jera cinikin shekaru biyar, ya raba kuɗin sari da na mota da na haya da bashin da ya maƙale a hannun abokan ciniki da cinikin kowace shekara. Shi ma yana da abin da mai nazarin kamfani ba ya samu cikin sauƙi, wato yawan katan ɗin da ya sayar. In Naira ta ninka amma katan bai ƙaru ba, ba ya bukatar alkaluman hukuma kafin ya san matsayinsa.