"Wa ya riga zuwa?" ba ita ce tambayar ba

1/ Jiya a aji wani ya ce tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa faɗin su wane ne "al'ummomin asali", to maganar duk shirme ce. Wallahi ban yarda ba. Ba kasawa aka yi ba, da gangan aka ƙi. Ku biyo ni.

2/ Ma'auni uku ake yawan kawowa: mutanen su kira kansu da wannan suna, a ce sun riga wasu zama a wurin, sannan a ce masu iko sun mayar da su saniyar ware. Rigimar duk a kan na biyun take.

3/ Ma'anar da José Martínez Cobo ya ba Majalisar, wadda aka fi ambata tun 1986, ta jingina ne ga waɗanda 'yan mamaya suka tarar. A Ostireliya wannan ba gardama: Turawan Ingila sun sauka a 1788, sun iske mutane.

4/ To kawo ma'aunin nan arewa maso yammacin Kamaru. Mbororo sun shiga yankin da shanunsu a farkon ƙarni na 20, manoma suka tarar. In riga zuwa ce hujja, sun faɗi tun ba a fara ba.

5/ Amma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, a rahoton da ta amince da shi a 2003, ta lissafa su. Me ta duba? Rayuwarsu ta rataya a kan makiyaya, ana ƙwace makiyayar, ba su da murya a gwamnati, kuma su da kansu suka ɗauki sunan.

6/ Za ku ce ai kowa sai ya tashi ya kira kansa hakan. Gaskiya ne, nan raunin yake. Amma Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1989, cewa ta yi kiran kai ginshiƙi ne, ba ta ce shi kaɗai ya isa ba. Kuma al'umma ake nufi, ba mutum ɗaya mai neman kujera ba.

7/ Yanzu tambayata: in an rubuta ma'ana ɗaya tak, wa zai riƙe alƙalamin? Gwamnatoci. Wato wanda ake ƙara shi zai yanke wa ke da ikon shigar da ƙara. Shi ya sa wakilan al'ummomin da kansu suka ƙi, kuma Sanarwar 2007 ta fito ba ma'ana a ciki. Najeriya ma ƙaurace wa ƙuri'ar ta yi.

8/ Kuma don Allah a daina haɗa wannan da takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma da muke kaiwa wajen rajista. Waccan tana raba ɗan gari da baƙo ne. Wannan tambayarta daban: wa aka danne, da me aka raba shi? Mai ja, bismillah.