Raddi Ga Masu Cewa Marar Lafiya Ya Bari Sai Ya Isa Gida Ya Rama Salla

Akwai wata fatawa da 'yan rakiyar marasa lafiya ke yi wa junansu a ɗakin jira na Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da ke Riyad. Idan lokacin salla ya yi, sai a ce da tsohuwar da ke kan keken guragu: "Hajiya, ki bari sai mun sauka gida kya rama." Tausayi ne ke sa su faɗi haka, amma maganar kuskure ce, kuma hujjojinsu huɗu ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Na farko, sun ce tsayuwa farilla ce, salla ba ta yiwuwa sai da ita. Farilla ce kam, amma ga mai iko. Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini, wanda basur ya dama, ya tambayi Annabi (SAW), sai ya umarce shi da salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Bai ba shi zaɓin jira har ya warke ba. Ahalari, wanda yaranmu ke karantawa a zaure, ya jera matakai bakwai. Huɗun farko bin jerinsu wajibi ne: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina. Sauran ukun, wato gefen dama, gefen hagu, da rigingine, bin jerinsu mustahabbi ne.

Wannan jeri kansa yana gyara wa wasu daga ɓangarenmu zama. Dattijon da aka tura a keke saboda nisan tafiya kawai, alhali yana iya miƙewa, dole ya tashi ya yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye, ko da dogare da sanda.

Na biyu, sun ce mai salla a zaune rabin lada gare shi. Malamai sun ɗora hadisin da ya zo da haka a kan mai nafila da ya zauna alhali yana da ƙarfi. Shi kuwa marar lafiya, hadisin Abu Musa ya tabbatar ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi lokacin da yake lafiya. Annabi da kansa ya yi farilla a zaune bayan ya faɗo daga kan doki.

Na uku, sun ce ba alwala, ba alƙibla. Mu ɗauki tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kama, azahar ta riske ta tana jiran jirgi. Filin nan, da aka buɗe a 1983, yana da babban masallaci a tsakiyarsa, ga kuma wuraren salla a cikin ginin fasinjoji. Jikanta na iya yi mata alwala da ruwan gora kaɗan. In ruwa zai cutar da ita, sai taimama da ɗan dutsen da aka riƙo a jaka, domin Risala ta hana yin ta a bangon da aka shafe da farar ƙasa. Sai a juya keken ya fuskanci alƙibla. A nan ne Bahaushe ke yawan kuskure: ya saba fuskantar gabas a Kano, alhali daga Riyad Makka tana yamma ne, da ɗan karkata kudu. A bi alama, kada a bi sabo. Za ta yi kabbara, ta karanta, ta sunkuya kaɗan don ruku'u, ta ƙara sunkuyawa fiye da haka don sujada, raka'a biyu tunda matafiyiya ce. Kada a ɗago matashi ko tire a kai mata goshi. Idan sunkuyon biyu suka zama daidai, to a gyara mata, don bambancin ne ke raba ruku'u da sujada.

Na huɗu shi ne mafi ƙarfin abin da suka riƙe: nuni da ido babu shi a hadisin Imrana. Gaskiya ne. Hanafawa ma sun ce wanda ya kasa nuni da kai a jinkirta masa, Ibnu Taimiyya kuma yana ganin salla ta faɗi a kansa. To amma wannan saɓani a kan wanda ko kansa ba ya motsawa ne, ba tsohuwar da ke zaune tana jan carbi tana hira ba. Ko a kansa ɗin ma, Shafi'awa da Hambalawa sun wajabta nuni da ido, Halilu kuma ya kawo daga Maziri cewa ƙa'idar mazhabar Maliku wajabcin take nunawa muddin hankali na nan. Ibnu Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya bayyana yadda ake yi: a lumshe ido kaɗan don ruku'u, a ƙara runtsewa don sujada. Nuni da yatsa da wasu majinyata ke yi, ya ce bai san masa asali ba.

Wanda hankalinsa ya gushe, kamar mai doguwar suma, shi ne a mazhabarmu ba ya salla, ba kuma zai rama abin da lokacinsa ya fita yana cikin suman ba.