"Na yafe" a gaban manya, riƙo a cikin ɗaki

Yawancin "na yafe" da ake faɗi a gidajenmu ranar biko ake faɗinta, kuma domin girman waɗanda ke zaune ake faɗinta. Ba na kiran wannan ƙarya. Sai dai a ganina muna ɗora wa kalmar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba, sannan mu zargi mai faɗinta idan zuciya ba ta bi baki ba.

Mu ɗauki misali. Mace ta kwashi adashe, jika 60, ta ajiye don littattafai da tufafin yara kafin a koma lakwal a watan Oktoba. Maigida ya ɗauka ya biya bashi bai gaya mata ba, da ta tambaya kuma ya ce bai gani ba. Gaskiya ta fito, ta yi yaji. Bayan kwana uku ya aika kawunsa biko. Mahaifinta ya ce, "Ki yi haƙuri, ki dubi ƴaƴanki." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, na yafe." A duk zaman nan babu wanda ya ambaci kuɗin, balle musun da ya yi, don an ce tone-tone ba shi da kyau.

Bayan wata biyu sai alamu su bayyana. Yana zaune a tsakar gida amma saƙo ta bakin yaro yake isa gare shi: "Je ka ce wa babanku gero ya ƙare." Gardama kan cefane sai ta juye ta koma kan jika 60. Malamai kan ga wutsiyar abin a aji, domin yaron da aka mayar ɗan aike tsakanin uwa da uba da wuya hankalinsa ya zauna kan allo. Shi kuma maigida ya riƙa cewa, "Ba kin ce kin yafe ba?" Ita ma ta fara zargin kanta da munafunci.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Ba'amurke, Everett Worthington, ya raba yafiya gida biyu: ta yanke shawara, wato mutum ya ƙudurta ba zai rama ba, da ta zuciya, inda ɗacin kansa ke gushewa. Ta farko ana iya yin ta a zama guda. Ta biyu ba ta bin umarni, ko na uba ne. Aya ta 14 a Suratut Tagabun, wadda ke magana kan matan aure da ƴaƴa, ita ma kalmomi uku ta jero: afuwa, da kau da kai, da gafara. Matar nan ta yi ta farko da gaske, sauran ne ba a share musu hanya ba.

Hanyar tana farawa daga kiran laifin da sunansa, su biyu, ba a gaban taro ba. "Ki yafe mini duk abin da na yi miki" ba ta isa ba, domin wannan ko baƙo mai sallama yana faɗinta. Abin da take jira ta ji shi ne, "Na ɗauki kuɗinki ban tambaye ki ba, kuma na musa." Sau da yawa musun ya fi kuɗin ciwo, don shi ya sa ta riƙa zargin yaranta da maƙwabta. Idan bai taɓo wannan ba, ya nemi gafarar ƙaramin laifin ya bar babban.

Sai haƙƙi. Kuɗin mace nata ne, aure bai mayar da shi na miji ba. Ya biya, ko jika biyar-biyar a wata, shekara guda ke nan. Idan ta ga dama ta bar masa, amma sai bayan ya amsa cewa bashi ne. Ba a kyauta da abin da aka riga aka ƙwace.

Ita ma akwai nata aikin, kuma shi ya fi wuya: ta faɗi gaskiya cewa, "Na bar maganar ramuwa, amma raina bai huce ba tukuna," sannan ta daina gori, ta cire yara daga tsakani. Tunawa za ta zo, ba laifi ba ne. Zaro maganar a matsayin makami a kowace gardama shi ne riƙo.

Abu guda kada a haɗa shi da riƙo. Idan daga yanzu tana kai kuɗin adashenta ajiya wurin yayarta, wannan ba shaidar rashin yafiya ba ne. Amana daban take, sai ta ga watanni sun wuce bai sake ba za ta dawo. Mijin da ya ce sai ta nuna masa inda take ajiya kafin ya yarda ta yafe, yana neman a ba shi a yau abin da halinsa ne kaɗai zai sayo masa. Kawun da aka aika biko kuwa, kafin ya nemi "na yafe" daga bakinta, ya kamata ya fara juyawa ga ɗansa ya tambaye shi nawa ne kuɗin, kuma yaushe zai fara biya.