Maɓallin Boost ba ya sayar da atamfa

A tsakanin 'yan kasuwar da ke talla a Facebook da Instagram an riga an yanke hukunci: wai Ads Manager na manyan kamfanoni ne, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa maɓallin Boost post ya ishe shi. Wannan hukunci yana cinye kuɗin masu ƙaramin jari.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ta ɗora hoto, ta danna Boost, ta zuba naira 20,000 na kwana biyar. Kafin wa'adi ya cika mutum 900 sun danna alamar so, sharhi ya cika da "Masha Allah" da "Nawa ne?", amma turmi biyu kacal ya fita. Ba zambatarta aka yi ba. Tsarin Meta yana kai talla ga mutanen da suka fi yin abin da aka nema, ita kuwa ba ta tsaya ta zaɓi manufa ba. Sai aka kawo mata gwanayen yaba hoto, waɗanda ba lallai su taɓa aljihu ba.

Ads Manager da tambayar manufa yake farawa. Manufofi shida ne a jere, daga Awareness zuwa Sales, kuma ba a wucewa sai an zaɓi ɗaya. Daga nan tana iya raba kuɗin gida biyu, hoto a ɗaya, bidiyo a ɗayan, duka suna kai mutum WhatsApp. Idan naira 10,000 ta hoto ta kawo hira 20, ta bidiyo ta kawo 50, lissafi ya fito: naira 500 kowace hira a can, naira 200 a nan. Sai ta kashe na farko. Mai hoto ɗaya a Boost ba ta da abin da za ta gwada shi da shi.

Akwai kuma kuɗin da ke zirarewa. Tun shekarar 2024 Meta ta sanar cewa masu yin Boost ta cikin manhajar iPhone za su biya ƙarin kashi 30 cikin 100, ladan Apple. Wanda ya biya ta burauza ba ya shiga wannan.

Masu kare maɓallin suna cewa shi ma yana da zaɓin samun saƙonni, kuma Ads Manager yana da rikitarwa. Gaskiya ne, kuma ga sanarwar buɗe sabon shago a unguwa, Boost ya wadatar. Sai dai duk tallan da aka yi da shi yana nan a cikin Ads Manager, da cikakken bayaninsa. Mai atamfar tana iya buɗewa yau, ta duba Cost per result, ta danna Breakdown, ta ga shekarun waɗanda suka ga tallan da jihohin da naira 20,000 ɗinta ta tafi.