Kwamfuta ta nuna, mutum ya yanke hukunci: yadda ake tace jerin sunayen da aka haɗe

Duk sakataren da ya taɓa haɗa jerin sunaye biyu ko uku wuri guda ya san abin da ke biyo baya. Mutum ɗaya sai ya bayyana sau uku, a nan an rubuta Muhammad, a can Mohammed, a wani wurin kuma an bar fili biyu tsakanin sunansa da na mahaifinsa. Abin da akasari ake yi shi ne a danna maɓallin `Remove Duplicates` na Excel, a ga adadi ya ragu, a ɗauka aiki ya kammala. Wannan hanya ba ta isa ba, kuma wadda ake ganin ta fi ta wayo, wato barin manhaja ta goge duk sunayen da suka yi kama da juna, ta fi ta haɗari.

A ƙaddara wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta haɗa jeri uku: na rajistar taro mai layi 400, na masu biyan kuɗin wata mai layi 350, da wanda aka kwaso daga wayar ma'aji mai layi 250. Jimilla layi 1,000 ke nan, alhali kowa ya san 'yan ƙungiyar ba su kai haka ba. Maɓallin nan na Excel yana cire layin da ya zo daidai da wani ne kawai. Bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma fili ɗaya da ya maƙale a ƙarshen suna, wanda ido ba ya gani, ya isa ya sa ya ɗauki mutum ɗaya a matsayin mutum biyu. Haka nan idan ya tarar da layuka biyu iri ɗaya a ginshiƙan da aka zaɓa, na farko yake bari ya share na baya, ko da na bayan ne ke ɗauke da sabon adireshin imel.

Saboda haka matakin farko shi ne daidaita rubutu, kuma a sabon ginshiƙi ake yin sa, ba a taɓa na asali. Idan sunan yana `A2`, wannan ya wadatar:

```
=LOWER(TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," ")))
```

`TRIM` yana cire filin da ke gaba da bayan suna, ya kuma mayar da fili biyu ko uku na tsakiya zuwa ɗaya. Sai dai bai san wani nau'in fili da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet ba, shi ya sa ake fara musanya `CHAR(160)` da fili na yau da kullum. A wannan ginshiƙin ne kuma za a mayar da ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ɓ zuwa b, domin Ɗanladi da Danladi su haɗu, a kuma cire laƙabobi irin su Alhaji, Hajiya, Malam da Injiniya. Ginshiƙin asali yana nan da ƙugiyoyinsa da laƙabobinsa, domin da shi za a rubuta wa mutum takarda.

Wannan yana magance fili da ƙugiya, amma bai taɓa bambancin haruffa ba. A nan ne ake kwaɗaitar da mutane da manhajojin da ke auna kamanni. Yawancinsu sun dogara ne da lissafi irin wanda masanin Rasha Vladimir Levenshtein ya wallafa a 1965: a ƙirga sau nawa za a ƙara harafi, ko a cire, ko a musanya, kafin wata kalma ta koma wata. Daga Mohammed zuwa Muhammad sauyi biyu ne. Daga Usman zuwa Ousmane, yadda ake rubuta shi a Nijar, shi ma biyu ne. Amma daga Aminu zuwa Amina sauyi ɗaya ne tak, haka daga Hassan zuwa Hassana. Ma'ana, a idon wannan lissafi wa da ƙanwarsa sun fi kusa da zama mutum ɗaya a kan mutum ɗaya da aka rubuta sunansa ta hanya biyu. Mamman da Muhammadu kuwa, ko A'i da A'ishatu, sun yi nisa ƙwarai a lissafi, ga shi kowane Bahaushe ya san suna ɗaya ne. Duk inda aka ja iyaka, ko dai a haɗe mutane biyu, ko a bar mutum ɗaya a rabe. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya fi suna amana shi ne lambar waya, ita ma bayan an daidaita ta. Lamba ɗaya ta Najeriya kan zo da siffa uku: ta fara da 0803, ko da +234 803, ko da 803 kawai saboda Excel ya ɗauke ta a matsayin adadi ya jefar da sifilin farko. A dukkan siffofin, alƙaluma goma na ƙarshe ba sa canzawa:

```
=RIGHT(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2," ",""),"-",""),10)
```

Lambobin Nijar alƙaluma takwas ne bayan +227, don haka sai a ware su a yi musu nasu lissafin. Idan an sa sakamakon a ginshiƙin `D`, to `=COUNTIF(D:D,D2)` zai nuna sau nawa kowace lamba ta bayyana, sai a jera layukan bisa lambar domin masu kama su kwanta kusa da juna. Amfanin wannan babba ne. Kwatanta kowane layi da kowane a jerin mai layi 1,000 yana nufin duba tagwaye 499,500, abin da babu mai iyawa da ido. Jerawa bisa lamba tana mayar da aikin ƙananan rukunoni na layi biyu ko uku.

Daga nan hukunci ya kasu uku. Inda lamba ta zo ɗaya, daidaitaccen suna ma ya zo ɗaya, mutum ɗaya ne, a haɗe ba tare da fargaba ba. Inda lamba ɗaya ce amma suna ya bambanta, sai mutum ya duba: Muhammad da Mohammed a haɗe su, Aminu da Amina a bar su, domin miji da mata ko 'yan gida ɗaya kan ba da lamba guda, kuma kamfanonin waya kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Inda suna ɗaya ne amma lamba daban, nan ne wurin taka-tsantsan mafi girma. Yana iya zama mutum ɗaya mai layi biyu, yana iya zama mutane biyu masu suna ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a aji guda balle a ƙungiya. Shekarar kammala karatu ko adireshin imel ne zai raba gardama, in babu su a kira a tambaya.

Haɗewa kuma ba gogewa ba ce. Idan layin rajistar taro yana da imel, na ma'aji yana da lamba ta biyu, sai a tattara duka a layi ɗaya, a bar ginshiƙin da ke nuna daga wane jeri kowane bayani ya fito, a kuma ajiye kwafin jerin yadda yake kafin a taɓa shi.

Mai ƙorafi zai ce wannan ɓata lokaci ne, kuma yana da hujja: kamfanin da ke da layi miliyan ba zai zauna duba su ɗaya bayan ɗaya ba, dole ya amince da wani kaso na kuskure. Amma jerin ƙungiya, ko asibiti, ko makaranta ba haka yake ba, kuma kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Idan mutum ya rage sau biyu, zai sami saƙo biyu, ya yi tsaki, wataƙila ya faɗa a gyara. Idan aka goge shi, babu saƙon da zai zo masa, bai kuma san an aika ba balle ya yi magana. Sai ranar rabon tallafi ko zaɓen shugabanni za a nemi sunansa a rasa. Don haka duk layin da aka yi shakka a kansa, a bar shi a jeri, a sa masa alama har sai an tabbatar.